Me Ya Sa Kwamfuta Ke Ɗora Mai Maki 9 Sama da Mai 100?

Ko ɗan aji ɗaya na firamare ya san 100 ta fi 9. Duk da haka, akwai yanayin da kwamfuta, lafiyarta ƙalau, za a ce ta jera makin ɗalibai daga babba zuwa ƙarami, sai ta ɗora mai 9 a sama, ta jefa mai 100 can ƙasa. Wani lokaci ma wanda ba shi da maki kwata-kwata shi ne zai zo na ɗaya. Abin da ya fi damuwa shi ne ba za ta yi gargaɗi ba. Jerin zai fito tsaf, a buga shi a takarda, a sa hannu, a liƙa a allon sanarwa.

Matsaloli biyu ne ke haifar da wannan, kuma sukan zo tare. Ta farko ita ce lambobin da aka ajiye a matsayin rubutu. Ta biyu ita ce gurbin da aka bari ba komai a cikinsa, wanda masu rumbun bayanai ke kira `NULL`. Za mu bi su ɗaya bayan ɗaya da misali guda, tun daga inda jerin ya karkace har zuwa inda ya miƙe.

Misalin da za mu yi aiki da shi

Yawancin manhajojin makarantu, asibitoci da bankuna suna ajiye bayanansu a rumbun bayanai, kuma ana yi wa rumbun magana da harshen SQL. A cikinsa bayanai suna zaune a tebur. Kowane mutum yana da layinsa a kwance, kowane irin bayani kuma yana da jerin gurabensa daga sama zuwa ƙasa, wanda za mu kira ginshiƙi. Tun ranar da aka ƙirƙiri tebur ake faɗa wa kwamfuta irin abin da kowane ginshiƙi zai ɗauka: lamba ce, rubutu ne, ko kwanan wata.

A ɗauka wata makaranta tana da tebur mai suna `sakamako`, da ginshiƙai biyu, `suna` da `maki`. Wanda ya gina teburin ya mai da `maki` ginshiƙin rubutu, saboda malamai sun saba rubuta ABS a gaban sunan ɗalibin da bai zo jarrabawa ba, kuma ginshiƙin lamba ba zai karɓi haruffa ba. Ga abin da ke ciki, sunayen na misali ne kawai:

```
Amina   100
Bala    9
Hauwa   85
Isa     70
Ladi    NULL
Sani    ABS
```

Amina, Bala, Hauwa da Isa sun rubuta an duba. Sani bai zo ba. Ladi ta rubuta, amma har yanzu ba a shigar da makinta ba, don haka gurbinta fanko ne. Shugaban makaranta yana son sunayen uku na farko domin ranar ba da kyaututtuka. Sai aka rubuta:

```sql
SELECT suna, maki
FROM sakamako
ORDER BY maki DESC
LIMIT 3;
```

`ORDER BY` shi ne umarnin jerawa. `DESC` na nufin daga babba zuwa ƙarami, abokinsa `ASC` kuma daga ƙarami zuwa babba. `LIMIT 3` ya ce a tsaya a uku na farko. Idan rumbun PostgreSQL ne, amsar da za ta fito ita ce Ladi, Sani, Bala. Wato wadda ba a shigar da makinta ba, da wanda bai zo ba, da wanda ya ci 9. Idan aka cire `LIMIT` aka ga jerin gaba ɗaya, bayan su sai Hauwa, sai Isa, sai Amina mai 100 a ƙarshe.

Yadda kwamfuta ke gwada rubutu

Kwamfuta tana jera rubutu kamar yadda ake jera kalmomi a ƙamus. Tana duba harafin farko na kowace kalma. Idan sun bambanta, magana ta ƙare, ba ta sake duba abin da ya biyo baya. Sai idan sun zo ɗaya ne take matsawa zuwa harafi na biyu. Tsawon kalma ba ya shiga lissafi sai an yi kunnen doki har ɗaya ta ƙare.

Idan ginshiƙi na rubutu ne, 100 ba ɗari ba ce a wurinta. Alamomi uku ne a jere: 1, 0, 0. A tsarin ASCII, wanda tsarin Unicode na yau ya gada, kowace alama tana da lambar matsayinta: alamar 0 tana a 48, alamar 1 a 49, haka har alamar 9 a 57, sannan babban harafin A a 65. To da aka zo gwada makin Bala da na Amina, sai aka ɗauki alamar farko ta kowanne, 9 da 1. Tara ta fi ɗaya, Bala ya wuce. Sifirai biyun da suka mai da makin Amina ɗari ba a ma kai gare su ba. Haka 85 da 70 suka wuce ta, domin 8 da 7 sun fi 1. Sani kuwa ya hau kansu duka saboda haruffa suna zuwa ne bayan alamomin lamba, don haka ABS ta zama mafi girma.

Wannan ne ya sa matsalar take iya ɓuya shekara da shekaru. Muddin duk lambobin tsawonsu ɗaya ne, jerin rubutu da jerin lamba suna ba da amsa iri ɗaya. Idan kowa a aji ya ci tsakanin 10 da 99, ba wanda zai ga aibu. Sai ranar da wani ya ci 100, ko wani ya faɗi ƙasa da 10, sannan jerin ya karkace. Alamar da ta fi saurin tona ta ita ce ganin jeri irin wannan: 1, 10, 11, 12, 2, 20, 3. Duk inda aka ga 10 ta biyo bayan 1 kai tsaye, ta bar 2 a baya, to lambobin nan a matsayin rubutu aka ajiye su.

Mataki na farko: mai da rubutun lamba

Gyaran da ke fara zuwa a rai shi ne a ce wa rumbun ya juya rubutun zuwa lamba kafin ya jera. Umarnin `CAST` ne ke yin wannan:

```sql
ORDER BY CAST(maki AS integer) DESC
```

Da a ce duk guraben lambobi ne tsantsa, da an gama. Amma akwai ABS, kuma a nan kowane rumbu da halinsa. PostgreSQL yana tsayar da aikin gaba ɗaya, ya nuna saƙon kuskure:

```
invalid input syntax for type integer: "ABS"
```

SQL Server da Oracle su ma suna ƙin ci gaba. SQLite kuwa, wanda ke cikin wayoyin hannu da ƙananan manhajoji da yawa, yana mai da ABS sifiri, ya wuce shiru. MySQL, inda ake rubuta `CAST(maki AS UNSIGNED)`, shi ma sifiri yake bayarwa, sai dai yakan ajiye gargaɗi a gefe, wanda ba kasafai kowa ke buɗewa ba. Waɗannan biyun suna karanta lambobin da ke farkon rubutu ne su watsar da saura: 12B ta zama 12, B12 ta zama 0.

A ganina rumbun da ya tsaya ya yi ƙorafi ya fi wanda ya yi shiru amfani. Wanda ya tsaya ya tilasta a duba bayanan. Wanda ya yi shiru ya rubuta wa Sani sifiri, ya mai da yaron da wataƙila rashin lafiya ce ta hana shi zuwa daidai da wanda ya zauna ya kasa cin ko maki ɗaya.

Hanyar da ta fi tsafta ita ce a ce: idan abin da ke gurbin lambobi ne zalla, a juya shi, idan ba haka ba, a bar shi fanko. SQL Server, tun fitowar 2012, yana da `TRY_CAST`, wanda ke ba da `NULL` duk lokacin da juyawar ta gagara. A PostgreSQL ana rubuta shi da sharaɗi:

```sql
ORDER BY CASE WHEN maki ~ '^[0-9]+$'
              THEN CAST(maki AS integer) END DESC
```

Abin da ke cikin alamar zance ma'auni ne da ke cewa: daga farko har ƙarshe kada a samu komai sai alamomin 0 zuwa 9. Yanzu Amina, Hauwa, Isa da Bala sun jeru daidai: 100, 85, 70, 9. Sai dai ma'aunin yana da tsauri. Maki irin 72.5 ba zai wuce shi ba saboda ɗigon, haka ma 85 da aka bar wa sarari a gabanta wajen bugawa. Duka biyun za su koma fanko ba tare da sanarwa ba. Idan akwai irinsu, dole a share sararin da `TRIM`, a faɗaɗa ma'aunin ya karɓi ɗigo, a kuma juya zuwa `numeric` maimakon `integer`.

Akwai wata dabara da ta yaɗu, ta jerawa da tsawo tukuna sannan da rubutun: `ORDER BY LENGTH(maki) DESC, maki DESC`. Tana aiki idan duk lambobin cikakku ne, ba sifiri a gaba, ba alamar ragi, ba ɗigo. A teburinmu ABS tana da alamomi uku kamar 100, don haka Sani zai sake hawa kan Amina. Da akwai mai 72.5, alamominsa huɗu za su ɗora shi a kansu su biyun.

Mun gyara lambobi, amma mun ƙara wa kanmu aiki. Dazu gurbin fanko ɗaya ne, na Ladi. Yanzu sun zama biyu, domin na Sani ma ya koma `NULL`. A PostgreSQL uku na farko sun zama Ladi da Sani, sannan Amina.

Ina ake ajiye abin da ba a sani ba?

`NULL` ba sifiri ba ne, kuma ba rubutu mara haruffa ba ne. Alama ce da ke cewa babu ƙima a nan. Makin Ladi zai iya zama 95, zai iya zama 12. Shi ya sa idan aka tambayi rumbu ko `NULL` ya fi 70, amsarsa ba e ba ce, ba a'a ba ce, amsarsa ita ce ba a sani ba. Ko tambayar `maki = NULL` ba ta taɓa fitar da layi ko ɗaya, sai an rubuta `maki IS NULL`.

To amma jeri ba ya karɓar "ba a sani ba". Kowane layi dole ya samu wurin tsayawa. Ƙa'idar SQL, wadda aka fara amincewa da ita a 1986, ta yanke rabin hukuncin ne kawai: a tara duk guraben fanko wuri ɗaya, a ɗauke su ko dai sun fi kowace ƙima girma ko sun fi kowacce ƙanƙanta. Wanne daga ciki? Wannan ta bar wa masu ƙera kowane rumbu. Su kuma suka rabu gida biyu.

PostgreSQL, Oracle da Db2 suna ɗaukar `NULL` ya fi komai girma. Idan ana hawa daga ƙarami zuwa babba, yana zuwa ƙarshe. Idan ana sauka daga babba, shi ne a farko. MySQL, MariaDB, SQL Server da SQLite suna ɗaukarsa ya fi komai ƙanƙanta. Idan ana hawa, shi ne a farko; idan ana sauka, yana ƙarshe.

Mai amfani da gida na biyu kada ya ce ya tsira. Gaskiya ne a jerin kyaututtuka Ladi za ta faɗa ƙasa da kanta. Amma a ce shugaban makaranta ya nemi uku mafi ƙarancin maki domin a kira iyayensu. Da `ASC`, Ladi ce za ta fara fitowa, yarinyar da laifinta kawai shi ne ba a gama shigar da makinta ba. Kowane gida yana da ɓangaren da yake cizo. Haka kuma idan makaranta ta sauya manhaja, aka kwashe bayanai daga MySQL zuwa PostgreSQL, umarni ɗaya da bayanai ɗaya za su ba da jeri daban, ba tare da an taɓa ko harafi ba.

Mataki na biyu: faɗa wa rumbun inda ake so

Ƙa'idar SQL ta 2003 ta kawo kalmomin da ke warware wannan: `NULLS FIRST` da `NULLS LAST`. Oracle yana karɓarsu, PostgreSQL ya fara karɓa daga fitowa ta 8.3 a 2008, SQLite kuma daga 3.30.0 a 2019. Ga cikakken umarnin namu a PostgreSQL:

```sql
SELECT suna, maki
FROM sakamako
ORDER BY CASE WHEN maki ~ '^[0-9]+$'
              THEN CAST(maki AS integer) END
         DESC NULLS LAST,
         suna;
```

Sakamako: Amina, Hauwa, Isa, Bala, Ladi, Sani. Uku na farko sun zama waɗanda suka cancanta.

MySQL da MariaDB ba su san waɗannan kalmomi ba, amma akwai hanya. A ce ginshiƙin ya riga ya zama na lamba, ana son mafi ƙarancin maki a farko, guraben fanko a ƙarshe:

```sql
ORDER BY maki IS NULL, maki ASC
```

Tambayar `maki IS NULL` tana ba da 0 ga mai maki, 1 ga mara shi. Tunda 0 tana gaban 1, masu maki za su fara jeruwa, marasa shi su biyo baya, sannan a cikin kowane rukuni a jera da makin kansa. A SQL Server ana rubuta wannan dabarar da dogon hannu: `CASE WHEN maki IS NULL THEN 1 ELSE 0 END`.

A lura da kalmar `suna` da aka ƙara a ƙarshen umarnin. Ladi da Sani sun yi kunnen doki, kuma rumbu bai yi alkawarin wanda zai fara sawa ba idan ba a faɗa masa ba. Yau zai iya sa Ladi, gobe Sani. A tebur mai layi shida wannan ba komai ba ne. A tebur mai dubbai, wanda ake nunawa shafi-shafi, ashirin-ashirin, yana iya sa suna ɗaya ya fito a shafi biyu, wani kuma ya ɓace gaba ɗaya. Don haka abu na ƙarshe a cikin `ORDER BY` ya kamata ya zama wanda ba ya maimaituwa, kamar lambar rajistar ɗalibi. Suna ya ishe mu a nan ne kawai domin ba mu da Amina biyu.

Akwai gajeriyar hanya da ya kamata a yi hattara da ita, wato cike fanko da sifiri ta `COALESCE(maki, 0)`. A cikin jeri kaɗai, illarta ita ce ta cakuɗa Ladi da duk wanda ya ci sifiri na gaske. Idan kuwa aka je aka rubuta sifirin a cikin teburin kansa, ɓarnar ta fi haka. Jimlar makin huɗun da aka sani 264 ce. Umarnin `AVG` yana tsallake `NULL`, don haka matsakaicin aji 264 a raba huɗu, wato 66. Idan aka ba Ladi da Sani sifiri, sai a raba shida, matsakaicin ya faɗo 44. Aji mai matsakaicin 66 ya koma kamar ya faɗi, kuma malamin darasin ne zai amsa tambaya a kan abin da bai faru ba.

Idan lamba da harafi a haɗe suke

Wasu lambobin ba za a iya raba su da haruffa ba. Shagunan kasuwa A1, A2, har A10, ɗakunan kwanan ɗalibai, lambobin fayil. A jerin rubutu za a ga A1, A10, A11, A2. `CAST` ba zai taimaka ba, domin A10 ba lamba ba ce. Abin da ake so shi ne a gwada haruffa a matsayin haruffa, duk inda aka ci karo da jerin alamomin lamba kuma a karanta su a dunƙule. Haka tagar fayiloli ta Windows ke jera sunaye tun zamanin Windows XP, shi ya sa mutane da yawa suke zaton kowace manhaja haka take yi.

A PostgreSQL, tun fitowa ta 10 a 2017, ana iya ƙirƙirar ƙa'idar jeri ta hanyar ɗakin karatun ICU, idan an gina rumbun da shi:

```sql
CREATE COLLATION jerin_hausa
  (provider = icu, locale = 'ha-u-kn-true');

SELECT shago FROM kasuwa
ORDER BY shago COLLATE jerin_hausa;
```

Guntun `kn-true` shi ne ke sa a karanta lamba a dunƙule, sai A2 ta zo kafin A10. Guntun `ha` kuma yana kawo tsarin baƙaƙen Hausa, ya sa ɗ bayan d, ƙ bayan k. Wannan yana da amfani, domin a jerin da ke bin lambar matsayin alama kawai, sunan da ya fara da Ɗ yana faɗawa bayan Z. MariaDB, daga fitowa ta 10.7, yana da `NATURAL_SORT_KEY` da ke yin aikin lambobin.

Wannan hanyar tana da iyaka. Ba ta san ɗigon lissafi ba, ba ta san alamar ragi ba. A wurinta 1.5 da 1.10 kashi biyu-biyu ne, sai ta gwada 5 da 10, ta sa 1.5 a gaba. Idan lambobin sashe ne na littafi ko na doka, daidai ne. Idan kuɗi ne ko nauyi, kuskure ne, domin 1.10 ta gaza 1.5.

Inda ake da iko da yadda ake ba da lambobin tun farko, hanya mafi sauƙi ita ce a daidaita tsawonsu da sifiri a gaba: A001, A002, A010. Sai dai a auna girman da za a kai, domin ranar da aka buɗe shago na 1000, A1000 za ta shige tsakanin A100 da A101.

Gyara daga tushe

Duk abin da muka yi a `ORDER BY` faci ne. Dole a tuna da shi a kowane umarni, kuma a babban tebur yana jawo nawa, domin fihirisar da aka gina a kan ginshiƙin rubutu ba ta taimaka wa jerin da sai an juya kowane layi tukuna. Asalin kuskuren shi ne an ɗora wa ginshiƙi ɗaya aiki biyu: faɗin maki da faɗin dalilin rashin maki. Maganin shi ne a raba su. `maki` ya zama lamba tsantsa, a ƙara ginshiƙi na biyu, a ce `hali`, da zai ɗauki bayani kamar "bai zo ba" ko "ba a shigar ba". Da haka Ladi da Sani ba su da maki su biyun, amma kowa ya san bambancinsu, kuma ana iya fitar da sunayen da malami zai bi ya cike.

Wannan ba ya nufin duk abin da ya yi kama da lamba a mai da shi lamba. Lambar waya da ta fara da 0803, idan aka juya ta, sifirin gabanta zai ɓace, kuma alamomi goman da suka rage sun wuce 2,147,483,647, wadda ita ce iyakar ginshiƙin `integer` na yau da kullum. Lambar asusun banki a Najeriya alamomi 10 ce, wasu da sifiri a gaba. Lambar shaidar ɗan ƙasa da ta BVN 11-11 ne. Waɗannan sunaye ne da aka rubuta da alamomin lamba. Su zauna a rubutu, kuma tunda tsawonsu ɗaya ne, suna jeruwa lafiya. Ma'aunin rarrabewa mai sauƙi ne: idan tara biyu daga cikinsu ko neman matsakaicinsu yana da ma'ana, lamba ce, idan ba shi da ita, rubutu ne.

Masu aiki da Excel ma suna cikin wannan magana, domin sau da yawa daga can bayanan suke fitowa kafin a zuba su a rumbu. Idan ba a taɓa tsarin gurbi ba, lamba ta gaskiya tana jingina dama, rubutu yana jingina hagu, kuma lambar da aka ajiye a matsayin rubutu takan zo da ɗan koren tabo a kusurwar gurbin. Game da fanko kuwa, Excel yana da tasa ƙa'idar ta uku: gurbin da ba komai yana zuwa ƙarshe, ko hawa ake yi ko sauka. Wanda ya saba da haka, ranar da ya koma SQL zai ɗauka haka abin yake ko'ina.

Kafin a sa hannu a jeri

Bincike uku sun isa su kama yawancin waɗannan kurakurai, kuma ba sa cin minti biyar. Na farko, a cire `LIMIT` a kalli kan jerin da gindinsa, domin can ne fanko da baƙin rubutu suke taruwa. Na biyu, a nemi inda tsawon lamba ya sauya, tsakanin 9 da 10 ko 99 da 100, a ga ko suna maƙwabtaka kamar yadda ya dace. Na uku, a ƙirga:

```sql
SELECT COUNT(*), COUNT(maki) FROM sakamako;
```

Na farkon yana ƙirga dukkan layuka, na biyun yana ƙirga waɗanda ke da wani abu a gurbin maki. A teburinmu na asali amsar 6 da 5 ce. Bambancin nan na 1 ita ce Ladi. Idan aka ga haka, tambayar ta tashi daga hannun mai kwamfuta ta koma ofishin shugaban makaranta: za a sanar da uku na farko alhali akwai takardar da ba a shigar ba? `NULLS LAST` ya kai Ladi ƙasan jeri, amma bai ce ta faɗi ba. Idan makinta ya fito 90, ita ce ta biyu, Isa kuma ya fita daga cikin ukun. Umarni mai kyau yana iya tabbatar da cewa 100 ta wuce 9, fanko kuma ya tsaya inda aka ce ya tsaya. Jinkirta sanarwa har a nemo takardar Ladi kuwa hukunci ne da mutum zai yanke, kuma ba zai san akwai abin yankewa ba sai ya ƙirga guraben da ba komai a cikinsu.